Dalilin da ke sa gadon katako kuka da lotsawa idan rani ya shiga, da yadda ake gyara shi

Gadon da aka yi wa amarya jere da shi a ƙarshen damina, yana tsaye ƙyam ba ya motsi, shi ne zai fara kuka kafin hunturu ya fita. Mutum ya juya kaɗan sai a ji ƙiƙi-ƙiƙi, bayan wasu watanni kuma tsakiyar katifa ta lotsa, a wayi gari da ciwon baya. A gidajenmu na Garwa da Marwa da Kusiri har zuwa Njamena, inda sau da yawa bango ɗaya ne tsakanin ɗakin ma'aurata da na surukai ko na yara, wannan ƙara ba ƙaramar damuwa ba ce. Da yawa kunya kan hana su kiran kafinta, sai su sauke katifa ƙasa su bar gadon da iyaye suka kashe wa kuɗi masu yawa yana tara ƙura. Abin yana damuna, domin galibin irin waɗannan gadaje lafiyarsu ƙalau. Gyaran yini guda suke nema.

Katako ba ya ƙara sai in abu biyu suna gugar juna. Duk inda aka ji kuka, akwai wata 'yar kafa da ta buɗe a mahaɗa, wadda ba ta nan ran da aka haɗa gadon. Abin tambaya shi ne daga ina kafar ta fito, tunda ba wanda ya ɗauki sufana ya kwance komai.

Amsar tana cikin tafiyar da katakon ya yi kafin ya iso mu. Ayus da iroko da sapeli, waɗanda kafintocinmu suka fi aiki da su, ba a dajinmu suke fitowa ba. Itatuwan kurmi ne na kudanci da gabashin Kamaru. Ana ɗoro su a jirgin ƙasa ko a manyan motoci zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan su gangaro arewa. Can inda aka yanke su iska cike take da laima. Shi kuwa katako kullum yana daidaita ruwan jikinsa da iskar da ke kewaye da shi: in laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, ruwan da ke jikinsa yakan tsaya wajen kashi 16 cikin 100, in kuma laimar ta sauko kashi 20, kamar yadda take yi mana a hunturu da bazara, sai ya koma ƙasa da kashi 5. Yana rasa ruwan yana tsukewa. Tsukewar kuma a faɗi da kauri take faruwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Wannan bambancin shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

Mu ɗauki gado ɗaya mu bi shi daki-daki. Faɗinsa santimita 160, tsawonsa 200, an ƙera shi a Garwa cikin watan Satumba. A kowace kusurwa akwai ƙafa mai kaurin santimita 7, an huda ta an zura bulon mai kaurin milimita 8, ya ratsa ƙafar ya shiga kan dogon katakon gefe, inda aka fafe wani ɗan rami aka sa noti. Irin waɗannan katakai kan tsuke da misalin kashi 0.2 cikin 100 na kaurinsu a duk kashi ɗaya na ruwa da suka rasa. In ƙafar ta rasa kashi 10 tsakanin Satumba da Maris, milimita 70 ɗin nan sun ragu da kusan milimita ɗaya da rabi. Ga ido wannan ba komai ba ne. Amma bulon mai milimita 8 yana tafiyar milimita 1.25 ne kacal a duk zagaye ɗaya na noti. Ke nan tamkar wani ya zo ya kwance kowane noti zagaye guda da ɗoriya, alhali notin yana nan inda aka bar shi, katakon ne ya janye daga ƙarƙashinsa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗora wa kafinta laifin rashin ɗaurewa kai tsaye. Ran da ya ɗaure, ya ɗaure. In yana da laifi, to na aiki da ɗanyen katako ne da bai bari ya sha iskar arewa ba. Haka kuma noti mai roba a ciki, ko ɗaura noti biyu a jere, ba sa magance wannan matsala su kaɗai. Suna hana noti juyawa ne, ba sa hana katako tsukewa.

Da zarar kafar ta buɗe, sauran ɓarnar motsi ke yin ta. Duk lokacin da aka zauna a bakin gado, ko aka ja shi da ƙafa ɗaya domin a share ƙarƙashinsa, bulon yana lilo a cikin raminsa yana cin katakon. Ramin da yake zagaye sai ya koma dogo. Ayus ya fi saurin lalacewa ta nan, domin nauyinsa rabin na sapeli ne da 'yar ɗoriya, farce ma yana iya yi masa shaida. Sai kuma damina ta dawo. In an ɗaure notin tamau a rani, katakon zai kumbura ya rasa inda za shi, sai kan bulon ya nutse a jikinsa ya murƙushe naman itacen. Abin da ya murƙushe ba ya dawowa. Rani na gaba kafar ta fi ta bara girma, mai gida ya sake ɗaurewa da ƙarfi, kan bulon ya ƙara nutsewa. Akwai gadajen da za ka ga kan bulon ya shige har ba a iya kama shi da sufana, duk wannan zagayen ne ya kai su can.

Kafin a taɓa sufana, a fara gano wurin. A sauke katifa a shimfiɗa ta a ƙasa, mutum ya hau ya yi juyi. In mai sifirin ce a ciki, wani lokaci ita ce ke kukan, gadon ba ruwansa. Sannan a kwashe katakan shimfiɗa gaba ɗaya, a bar gangar gadon tsirara. Mutum ɗaya ya kama allon kai yana tura shi gaba da baya, ɗayan ya ɗora yatsa daidai kan layin da katakon gefe ya haɗu da ƙafa. Yatsa ya fi kunne gaskiya a nan, domin ƙara tana bin jikin katako ta fito a wani wuri daban, amma motsi a inda yake ake jin sa. Duk kusurwar da aka ji tana buɗewa tana rufewa, a yi mata alama da alli. A haska tocila a ƙasan kowace mahaɗa kuma. Garin katako mai ɗan kaushi a nan alama ce ta guga. In kuwa gari ne mai laushi ƙwarai yana zubowa daga ƙananan huji a jikin katakon, ƙwaro ne ke ci daga ciki, wannan wata magana ce da za mu zo kanta. Daga ƙarshe a danna kowace kusurwa ƙasa. In gadon yana rawa a kan ƙafa biyu, daɓen ɗakin ne bai daidaita ba, kuma gadon da ke murɗewa kullum saboda ƙafa ɗaya tana reto ba zai taɓa riƙe ɗauri ba, sai an cusa ɗan katako ko guntun robar taya a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.

Yanzu ɗaurin kansa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Fabrairu zuwa Maris, sa'ad da katako ya gama bushewa. Bulon mai milimita 8 sufana lamba 13 yake ci, mai milimita 10 kuma galibi lamba 17, mai milimita 6 lamba 10. A nemi sufanar da ta dace, kada a yi da filaya, tana cinye kusurwoyin noti ne har ya zama ba ya kamuwa. Kada kuma a tafi kai tsaye a matse wanda ya saki. A sassauta duka huɗun ko takwas ɗin, a cire su ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowanne washa mai faɗi a ƙarƙashin kansa, da wata a ƙarƙashin noti in ramin zai ɗauka. Washar da aka saba sayarwa tare da bulon mai milimita 8 faɗinta milimita 16 ne. Akwai mai milimita 24, kuma filin da take dannawa a jikin katako ya kusa ninka na ƙaramar sau uku. Ita ce ke hana kan bulon nutsewa idan damina ta kumbura katakon. A ganina, cikin duk abin da za a saya domin wannan gyara babu mai amfaninta, ga shi kuma kuɗinta 'yan sefa ne a kowane shagon kayan ƙarfe.

Kafin a mayar da mahaɗar, a goga kyandir sosai a fuskokin katako biyun da za su haɗu. Kada a zuba baƙin mai ko man gyaɗa. Ƙarar za ta ɗauke na 'yan kwanaki, amma mai yana jiƙa katako, yana tara ƙurar hunturu, yana ɓata katifa, kuma duk ranar da aka so sa gam a wurin ba zai kama ba.

Sai a ɗaura notuna da hannu kawai, a ɗauko tef ɗin awo a auna gadon daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ta ɗaya ɓangaren. A gadonmu mai 160 da 200 ta ciki, kowane awo ya kamata ya ba da wajen santimita 256. In ɗaya ya ba da 258 ɗayan 254, gadon ya karkace, a tura doguwar kusurwar ciki har su zo daidai. Gadon da aka ɗaure a karkace zai ci gaba da neman komawa, kuma wannan neman ma kuka ne. In awo ya daidaita, a bi kusurwoyin ana ƙara wa kowacce rubu'in zagaye, a zagayo a sake, har washa ta zauna daram ba ta juyawa da yatsa. Daga nan ƙarin rubu'i ɗaya ya isa. Da an ga washa ta fara shiga jikin katako, ko an ji katakon ya yi ɗan ƙas, an wuce gona da iri.

In ramin ya riga ya zama dogo, ɗauri kaɗai ba zai yi ba. Hanya mai sauƙi ita ce a faɗaɗa ramin a koma bulon mai milimita 10, muddin akwai isasshen nama a gefensa. Hanya mafi kyau ita ce kafinta ya huda ramin ya zama zagaye, ya fiƙe turken iroko daidai da shi, ya shafa farin gam na kafintoci ya buga, a bar shi kwana ɗaya cur, sannan a sake hudawa. Wasu gadajen ba bulon gare su ba, ƙarafa ne masu ƙugiya da ake saƙala gefe a jikin ƙafa, an kafa su da sukuru. Su ma haka ne: a ciro sukurun da ke juyawa ba ya kamawa, a cusa tsinken katako mai gam a ramin, ya bushe, a mayar da wanda ya fi shi tsawo. Gadajen shigowa masu sheƙi, waɗanda aka yi da garin katako da aka matse, su ne ba sa karɓar wannan dabara. Da sukuru ya fizge, wurin ya ruɓushe, sai dai a huda har waje a sa bulon da washa ta fuska biyu.

Lotsawa kuwa lissafinta daban, ko da yake tushensu ɗaya. A ɗaure siririyar igiya daga gefe zuwa gefe a saman katakan shimfiɗa, a duba tazarar da ke tsakanin igiyar da tsakiyar katakon. In babu kowa a kai amma akwai tazarar da yatsa zai shiga, katakon ya riga ya lanƙwashe. In kuwa katakan a miƙe suke amma katifa tana da kwari ko a ƙasa aka shimfiɗa ta, soson ne ya mutu, babu gyaran gado da zai tashe shi.

Mu koma gadonmu. Tsakanin gefe da gefe santimita 160 ne. A cikin kowane gefe an kafa siririn katako mai faɗin santimita 2.5, wanda katakan shimfiɗa ke hawa kai. Kafinta ya yanke su santimita 158 domin su shiga ba wahala. In suna tsakiya daidai, kowane baki ya hau da santimita ɗaya da rabi. Amma ba a kafe suke ba, juyin mai barci yana tura su. Ran da ɗaya ya zame ya jingina da gefen hagu, bakinsa na dama rabin santimita kawai ya rage a kan madogararsa. Yanzu a haɗa da abin da ya faru a kusurwoyi: notuna sun saki, dogon katakon gefe mai mita 2 ba abin da ke riƙe da tsakiyarsa, nauyi yana tura shi waje. Ya buɗe da santimita ɗaya kawai, katakon shimfiɗa ya faɗa. Mutane kan ce katakon ne ya gajarce, amma mun ga cewa tsawo ba ya tsukewa. Gadon ne ya buɗe. Ana tabbatar da haka da tef: a auna faɗin ciki a wajen kai, a tsakiya, da wajen ƙafa. In tsakiya ta fi, an gano ta.

Maganin shi ne a mayar da wasu daga cikin katakan shimfiɗa su zama maɗauri. A zagaya igiya mai ƙarfi a tsakiyar gadon, a sa sanda a murɗa har faɗin tsakiya ya dawo 160, sannan a kafe katakai uku na tsakiya da sukuru a kowane baki. Sukuru mai kaurin milimita 4 da tsawon santimita 4 ya isa, amma a fara huda masa hanya da bakin huji mai milimita 3, domin busasshen katako yana tsagewa in an tura masa sukuru kusa da baki. Kada a yi da ƙusa. Ƙusa tana sakin jiki da motsi, kuma ita kanta takan zama sabon wurin kuka. Sauran katakan a hana su yawo ta hanyar kafa 'yan guntaye a tsakaninsu, ko a bi bayansu da ɗamara mai ƙarfi a kafe ta a jikin kowanne. A shimfiɗa tsiri na tsohon bargo ko robar cikin taya a kan madogarar kafin a jera su, katako ya daina gugar katako. A duba ita madogarar ma, domin sau da yawa da ƙananan ƙusoshi aka kafa ta, tana saɓulewa a tsakiya. Gam da sukuru a duk santimita 25 zuwa 30 ya kamace ta.

Yawan katakan ma abin dubawa ne. Katifar soso ba ta son tazarar da ta wuce santimita 7 ko 8, in ta wuce sai soson ya riƙa kutsawa tsakani yana yankewa. Da katakai masu faɗin santimita 7 da tazarar 7, gado mai tsawon 200 yana bukatar 14. Sau da yawa za ka ɗaga katifa ka tarar da takwas ko tara. Kaurinsu kuma ya fi faɗinsu muhimmanci nesa ba kusa ba: katako mai kaurin santimita 2 ya fi mai santimita ɗaya da rabi ƙin lanƙwasa fiye da ninki biyu, alhali rabin santimita ne kawai tsakaninsu.

Amma abin da ke kashe lotsawa gaba ɗaya shi ne gungumen tsakiya. Lanƙwasar katako ba ta tafiya daidai da tsawonsa, tana ninkuwa ne sosai. In aka raba tazarar da yake ratsawa gida biyu, lanƙwasar da nauyi ɗaya zai jawo tana raguwa kusan sau takwas. Saboda haka duk gadon da ya kai faɗin 140 bai kamata a bar shi babu gungume daga kai zuwa ƙafa ba, balle mai 160 ko 180. Katako mai santimita 4 da 8, irin wanda ake samu a wurin masu sayar da katakon rufi, ya wadatar, da sharaɗin a tsayar da shi a kan siririn gefensa. A tsaye ya fi a kwance ƙin lanƙwasa sau huɗu. A yi masa ƙafa ɗaya a tsakiya, ko biyu in masu gadon suna da jiki ko yara na hawa suna tsalle. Tsawon ƙafar a auna shi a ɗakin, a daidai inda gadon zai zauna, ba a shagon kafinta ba, domin daɓe ba ya zama ɗaya. In ta gaza ba ta aikin komai, sai dai ta riƙa buga ƙasa. In ta yi tsawo, gadon zai hau kanta yana rawa, kusurwoyin da aka gama ɗaurewa su sake sakin jiki. Ta taɓa ƙasa daidai lokacin da babu kowa a kai, a liƙa mata roba a ƙasa. Jera bulo ko kwali a ƙarƙashin gado, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, yana tsayar da lotsawar na ɗan lokaci, amma kwali da guntayen katako a kan daɓe gayyatar gara ne.

Katakan da suka riga suka lanƙwashe kaɗan ana iya juya su, doron ya kalli sama, su ci gaba da aiki a kan gungumen. Wanda ya tsage, ko yake da babban ƙulli a tsakiya, a canza shi.

Akwai inda gyara ke tsayawa. A ɗauki sukuddireba a danna bakinsa a jikin ƙafafun gado kusa da ƙasa, da kewayen ramukan bulon. Lafiyayyen katako zai ƙi. In ya nutse ba wahala, ko aka ƙwanƙwasa aka ji holoƙo, gara ko ƙwaron katako sun cinye cikin sun bar ɓawo. Ayus ba shi da juriyar su ko kaɗan, iroko ya fi shi nesa. Irin wannan ƙafa ba washa ko gam da za su cece ta, sai a cire ta a yi sabuwa, a kuma fitar da tsohuwar daga ɗakin kafin ƙwaron ya koma kan kabad da sauran kaya. Haka katakon gefen da ya tsage daga ramin bulon har zuwa bakinsa: ƙara ɗauri ƙara buɗe tsagar ne. In gajeriya ce, kafinta zai iya ɗura gam ya matse ta, ya ƙara ƙarfen kusurwa ta ciki da bulon biyu. In ta yi tsawon taƙi ko fiye, a canza gefen. A gadon ƙarfe kuwa babu maganar tsukewa, can noti ne da kansa ke warwarewa, kuma noti mai roba a ciki yana yin aiki sosai. In an ɗaure kukan bai daina ba, a duba wuraren walda da tocila. Siririn layi mai jan gari a gefensa tsaga ce, mai walda ne zai rufe ta.

Bayan an gama, a sake bin notunan da sufana in an yi mako biyu ana kwana a kai, domin mahaɗa takan ƙara zama. Daga nan sau ɗaya a shekara ya isa, a tsakiyar rani. In damina ta zo aka ji notin ya yi tauri, a ƙyale shi, kada a ƙara masa. Ranar shara kuma mutum biyu su ɗaga gadon su matsar, kada a ja shi.